Rediyon ruwa na hannu: muryarsa ta fitar da mu, jan maɓallinsa kuwa ado ne

Da farko dai rediyon nan ya biya kuɗinsa, ba zan ci amanarsa ba. Na saye shi a wani shago a Apapa saboda muna kai kayan abinci wa jiragen da ke jiran layi a bakin teku, can kuwa waya sai ta ga dama.

Ranar da abin ya faru, mun wuce Tarkwa Bay mun fita bakin mashiga, injin kwalekwalenmu ya mutu, igiya ta juya mu, ruwa ya fara shigowa fiye da abin da bokiti ke kwashewa. Direbanmu ya ɗaga murfin jan maɓallin da aka rubuta wa DISTRESS ya danne. Shiru. Ashe ba a saka masa lambar MMSI ba, lambar shaidar jirgi mai alƙaluma 9 wadda ta Najeriya ke farawa da 657. In babu ita, maɓallin ba ya tura saƙon gaggawa a tasha 70. Mai shagon da ya yi ta rantse mini cewa "danna kawai, za a zo" bai ko ambaci wannan ba. Allah ya isa.

Sai direban ya koma tasha 16, tashar kiran gaggawa, ya mai da ƙarfin daga LO zuwa HI, ya yi da baki, da Turancinsa na bakin ruwa. Ya ce "Meide", wato kiran neman ceto, sau uku, ya faɗi sunan kwalekwalen sau uku, ya sake "Meide" da sunan sau ɗaya. Nan take ya faɗi inda muke: kamar mil biyu kudu da bakin mashigar Legas. Wurin ake fara faɗa kafin matsalar, don ko rediyo ya mutu a tsakiyar magana, an san inda za a nufa. Bayan nan ya ce ruwa na shigowa kuma inji ya mutu, muna neman ɗauki nan take, mu shida ne, kowa da rigar ruwa, kwalekwalen shuɗi ne. Ya ce "oba", ya saki maɓallin magana, domin muddin kana danne da shi ba za ka ji kowa ba.

Karo na biyu wani jirgin ja ya amsa, murya tas kamar yana gefenmu. Na tambayi direban daga baya, ya ce da injin kaɗai ne ya mutu ba ruwan da ke shigowa, "Pan-pan" zai kira, don Meide na ran da ke cikin haɗari ne.

To amma batirin fa! Magana kaɗan a HI ya fara ƙiftawa, ga lasifikar in ruwan gishiri ya shige ta sai ta shaƙe, sai ka karkaɗe. Wanda zai saya, kada ya fita teku sai ya kunna ya ga akwai MMSI ɗinsa a fuskar rediyon, ya kuma haɗa da batiri na biyu. Ni kam shagon nan ba zai sake ganin kwabona ba.