Kundin ranar Shaihu Umar: da muryar wa za a rubuta?

A ce an ba ɗalibai aikin rubuta kundin rana da bakin Shaihu Umar, a daren da ayarin Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe shi, ya kutsa hamada da shi. Ɗaya ya rubuta: "An tauye mini haƙƙi, sai na rama." Zafin gaskiya ne, amma muryar ɗalibin ce. Umar na littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa mai haƙuri ne, komai ya same shi ƙaddara yake gani.

Na biyu ya rubuta: "Yau ma na tuna mahaifiyata har na kasa cin abinci. Allah Ya sada mu." Wannan na fi so. Ciwon rabuwa yana nan, ya fito ta bakin addu'a, yadda Umar zai faɗe shi.