Mahayi da waya: wa ya riga kai saƙo?

Daga Bauci zuwa Gombe kimanin kilomita 150 ne. Mahayi a kan doki ɗaya sai ya yi kwana biyu ko uku, domin doki yana buƙatar ruwa da hutu, ga rafuka da damina.

Wayar tangaraho ta zamanin da kuwa lantarki ke bi ta cikinta, ma'aikaci yana buga ɗigo da ja a madadin haruffa, saƙo ya isa cikin mintuna. Sai dai idan turke ya faɗi waya ta tsinke, shiru ke nan har a gano wurin.

A teku doki ba shi da ta cewa. Wayar ƙarƙashin Tekun Atilantika ta 1858, wadda ta haɗa Turai da Arewacin Amurka, ta mutu cikin makonni, don an cika mata ƙarfin lantarki har rufinta ya lalace. Ta 1866 ce ta ɗore, saƙon da jirgin ruwa kan kai cikin kwana goma ya koma isa a ranar.