Wata huɗu da agogon auna bugun zuciya: safiyar da na ga 31

Na sayi agogon nan a wani shago a Ahmadu Bello Way, niyyata kawai ƙirga taku idan na fita zagaye a Murtala Square. Sai ga shi abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne lambar da yake nunawa kowace safiya a ƙarƙashin HRV.

Ga abin da lambar take nufi. Ko da zuciya tana bugawa sau 60 a minti, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ba daidai take ba. Idan aka raba daƙiƙa gida dubu, wata tazarar za ta zo 940, mai bi mata 1,060. Wannan bambancin ake aunawa. Ɗora yatsa a wuyan hannunka ka ja numfashi a hankali: bugun zai ɗan yi sauri, idan ka sauke kuma ya lafa. Jijiyoyin da ke kwantar da jiki ne ke taka wa zuciya birki suna saki. Idan jiki ya huta bambancin yakan yi yawa, idan yana fama da gajiya, zafi ko ciwo sai ya ragu.

Tawa takan tsaya tsakanin 48 da 58. Wata safiya a Afrilu na tashi na ga 31, gabana ya faɗi. Sai da na zauna bayan sallar asuba na tuna daren: na ci tsire wajen sha ɗaya, aka ɗauke wuta, na kwana ina juyi cikin gumi, barcin bai kai awa biyar ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya sauko da lambar. Na sha ruwa sosai, na kwanta da wuri. Washegari 46, bayan kwana biyu 52.

Abin da na fi yaba wa agogon shi ne matsakaicin kwana bakwai da yake fitarwa. Shi nake dubawa yanzu, kuma da nawa na baya nake gwada shi, don lambar ta bambanta daga mutum zuwa mutum, tana kuma raguwa da shekaru. Ƙanena yana samun 80, hakan bai sa ni mara lafiya ba.

Aibin agogon ɗaya: da haske yake karanta jini ta fata, idan madaurin ya yi sako-sako cikin dare sai ya ba da lambar da ba ta da kan gado.

Sau ɗaya na ɗauki saukarta da muhimmanci. Kwana huɗu a jere tana ƙasa, bugun zuciyata na hutu ya hau daga 62 zuwa 74, jikina ya mutu. Na je gwaji, zazzaɓin cizon sauro ne. Amma ciwon ƙirji, haki ko jiri, waɗannan ba a jiran agogo a kansu, asibiti za a nufa ko lambar ta yi kyau.