Rawayar wuyan riga da ta hammata: sanadinsu daban, maganinsu daban

"Fararen rigunana duk sun yi rawaya a wuya da hammata, na sa bilic abin ma ya ƙaru. Yaya zan yi?"

Malam, tabo biyu ne a rigar nan, kuma wanki iri ɗaya ba zai fitar da su ba. Shi gumi yawancinsa ruwa ne da ɗan gishiri, ba shi da launi. Abin da ya haɗu da shi ne ke kawo rawayar.

Na wuya maiƙo ne. Fata tana fitar da mai, ga man shafawa, ga ƙura, duk su shige cikin zaren auduga. Idan rigar ta daɗe ba a wanke ba, iska da zafi sukan sauya man nan ya yi duhu, kamar yadda man gyaɗa ke yin wari idan ya tsufa. Shi ya sa rigar da aka ninke fes take fitowa daga akwati da rawaya. Maganinsa sabulun ruwa na wanke kwanuka: a shafa a wuyan tun yana bushe, a goga da tsohon buroshin haƙori, a bar shi minti 20, sannan a wanke da ruwan ɗumi.

Na hammata ya fi taurin kai. Gumin wurin yana ɗauke da furotin da mai, kuma yawancin rol-on masu tsayar da gumi suna da gishirin aluminiyam. Su ne ke haɗuwa su manne a zare. Taɓa wurin ka ji: idan ya yi tauri alhali ba ka sa sitaci ba, to shi ne. Sabulu kaɗai ba ya narkar da ragowar aluminiyam, sai abu mai tsami. Ka haɗa farin binega kofi 1 da ruwa kofi 4, ka jiƙa awa ɗaya, ka ɗauraye sosai. Bayan nan ka zuba haidirojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, wanda ake sayarwa a kemis, ka bar shi minti 30, ka wanke, ka shanya a rana. Tsohon tabo yakan so a maimaita. In shadda ce mai aiki, fara gwadawa ta ciki, don zaren aikin yana iya koɗewa.

Bilic kuwa, kulorin da ke cikinsa yana haɗuwa da furotin ɗin ya ƙara masa rawaya, ga cin zare. Kada ka kuskura ya haɗu da binega ko lemun tsami, iskar da ke tashi guba ce. Bula ma rufe tabon kawai take yi, yana nan.

Sai ka ja wa mai wankinka kunne: kada dutsen guga ya taɓa wurin sai ya bushe an duba shi a haske, domin zafi yana gasa tabon cikin zare. Rol-on kuma ka bari ya bushe a jiki kafin ka sa riga.