Kashi 2.5 ko kashi 3: wane rance ne ya fi sauƙi?

A ce ɗan Kantin Kwari na neman rancen naira 1,200,000 don saro atamfa, zai biya cikin wata 12. Wani banki ya ce masa kashi 2.5 cikin ɗari a wata, wani kuma ya ce kashi 3. Da jin haka kowa zai nufi na farko. Amma kafin ka sa hannu, tambayi ma'aikacin bankin: a kan me ake lissafa ruwan, a kan uwar kuɗin da ka karɓa tun farko, ko a kan abin da ya rage a kanka?

Na kashi 2.5 ɗin, a ce a kan uwar kuɗin farko yake. Ruwansa 30,000 ne kowane wata, ko da saura dubu ɗari kacal ake bin ka. Biyanka 130,000 a wata, ruwa gaba ɗaya 360,000.

Na kashi 3 kuwa a kan ragowar bashi ake lissafa shi, kuma biyan wata bai canzawa, kimanin 120,555. Abin da ke canzawa shi ne rabon da ke cikinsa. A watan farko ruwa ya ci 36,000, sai 84,555 ta rage uwar kuɗi, saura 1,115,445. A wata na biyu a kan wannan ragowar za a ɗora kashi 3, ruwa ya sauko 33,463. Haka zai yi ta sauka har watan ƙarshe ya koma kusan 3,500. Jimillar ruwan kimanin 246,650, wato rarar fiye da 113,000 ta tsaya a aljihunka. In aka auna na farkon da wannan mudu, ya haura kashi 4 a wata.

Sai dai ka lura da tsakiyar jadawalin. Bayan wata shida ka yi rabin biya, amma ana bin ka kusan 653,000, fiye da rabin bashin, domin kusan 176,000 na ruwan tuni ka biya shi. Ba cuta ba ce, haka lissafin yake. Mai niyyar biya kafin wa'adi, da wuri ya fi riba. Ka kuma tambaya ko akwai tara.

Da yawa a Kano ba sa taɓa ruwa sam saboda haramcin riba, sai su nufi bankunan da ba sa karɓar ruwa, irin su Jaiz ko TAJ. A tsarinsu na murabaha banki ne ke sayen kayan ya sayar maka da farashin da aka yanke tun farko, don haka jimillar biya za ka kwatanta, ka kuma ji ko suna rangwame ga wanda ya biya da wuri.

Ko wanne ka zaɓa, ka nemi jadawalin biya a rubuce, wata bi wata, ka duba layin ruwa. In adadinsa bai motsa ba daga sama har ƙasa, irin na farko ne, sai ka haɗa da kuɗin caji da inshora kafin ka yanke.