1:2:4 kilo nawa ne na siminti a metir kib ɗaya?

"Salam ƴan uwa, ina gini a Yamai, injiniya ya rubuta siminti 350 kg a metir kib na dal, kankaren duka metir kib 10. Magini kuma ya ce zai kwaɓa 1:2:4, wai duk ɗaya ne. Gaskiya ne? Buhu nawa zan saya?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba ɗaya ba ne, kuma ko ta wace hanya ka bi lissafin haka zai nuna maka. Hanya biyu ake bi, bari in jera maka su.

1:2:4 na nufin siminti kashi 1, yashi kashi 2, tsakuwa kashi 4. Da farko kar ka raba metir kib gida 7 ka ce kashi ɗaya siminti ne, wannan zai ba ka kilo 206 kawai. Dalili kuwa, in aka zuba ruwa aka kwaɓa, yashi yana shigewa tsakanin tsakuwa, siminti ya shige tsakanin yashi, sai tulin ya zauna, don haka busassun kayan da za su ba ka metir kib ɗaya sun fi metir kib ɗaya da kusan rabi.

Hanya ta farko ita ce ta 1.54, wato a ɗauki busassun kayan a metir kib 1.54, ita ce mai sauri. Ana ɗaukar siminti a kilo 1440 duk metir kib, wato buhun kilo 50 kusan lita 35 ne.

```
1.54 / (1+2+4) = 0.22 m³
0.22 × 1440 = 317 kg
```

Buhu 6 da ɗan ƙari ke nan. Kyanta ko a tsaye gaban mai shago za ka buga ta a waya, aibinta kuma 1.54 ɗin nan ƙiyasi ne, bai san irin yashinka ba, bai san ruwa nawa lebura zai zuba ba.

Hanya ta biyu ita na fi yarda da ita, duk da sai ka nemo sikeli. Kana bin buhu ɗaya ne ka ga lita nawa na kankare zai haifar. A 1:2:4 buhu ɗaya yana tafiya da yashi lita 70 da tsakuwa lita 140. Mu ce ka auna ka samu litar yashi kilo 1.6, ta tsakuwa kilo 1.5, to yashi kilo 112 ke nan, tsakuwa kilo 210. Sai ka raba kowanne da nauyin ƙwayarsa ita kanta ba tare da iskar da ke tsakani ba, siminti kilo 3.15 a lita, yashi da tsakuwa kamar 2.65. Ruwa kuma mu sa lita 27.5.

```
50/3.15 + 112/2.65 + 210/2.65 + 27.5 = 165 L
```

Ka ƙara ƴar iskar da ke maƙalewa ciki, kamar kashi 2 cikin ɗari, ya zama lita 168. Lita 1000 raba 168, buhu 6 saura kaɗan, kusan kilo 298. A nan za ka ga abin da hanyar farko ta ɓoye, in aka kai ruwan lita 35 don kwaɓin ya yi laushi, buhun zai ba da lita 176, siminti ya sauko kilo 284, kankaren ya ƙaru a ido amma ƙarfinsa ya ragu. Wallahi wannan yana damuna sosai, don kullum a wajen gini ƙarin ruwa ake ɗauka ƙaramin abu.

To ka gani, 317 ko 298, babu wanda ya kai 350. Awon da maginanmu suka saba na 350 shi ne buhu 7, yashi lita 400, tsakuwa lita 800, in ka mayar da shi kashi-kashi kusan 1:1.6:3.3 ne. Wato duk buhu yashi lita 57, tsakuwa lita 114. Dal ɗinka buhu 70 yake so, 1:2:4 kuma buhu 60 zuwa 63 zai ci. Ka sayi 70 ka ɗora biyu ko uku saboda zubewa.

Sai ka kula da awon. Baro ɗaya bai zama ɗaya da wani ba, ka auna naku da bokitin da ka san litarsa, kuma a shafe bakinsa kar a yi tozo. Yashin gulbi in da danshi yana kumbura, har kashi 20 ko fiye, sai ka ga ka auna lita 57 alhali bai kai ba.

Ranar zuba dal ka gwada kwaɓin farko. A haɗa akwatin katako santi 50 da 50, tsawo santi 70, a zuba kwaɓin buhu ɗaya a daddanna shi sosai. In 350 ne zai tsaya wajen santi 57, lita 143 ke nan. In ka ga ya haura zuwa 67, to 1:2:4 aka kwaɓa maka, ka tsayar da aikin a rage yashi da tsakuwa kafin a hau sama.