Inda Za Ka Yi Sanin Makamar Aiki Kafin Rajistar Teknishan na Famasi: Babban Asibiti, Shagon Magani ko Ƙaramin Asibiti?

Wanda ya gama karatun teknishan na famasi yakan ɗauka cewa da satifiket ya shigo hannunsa magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Makaranta ce ke ba da satifiket, amma izinin aiki yana hannun hukumar da ke yi wa ma'aikatan magani rajista, kuma ita hukumar tana da nata ma'aunin. Banda jarrabawa, abin da ya fi kayar da sababbin ɗalibai shi ne lokacin sanin makamar aiki, wato watannin da mutum zai yi yana aiki a ƙarƙashin kulawar wani mai rajista. Yawancin mutane suna zaɓar wurin ne da la'akari da albashi ko kusanci da gida. Ni a ganina tambayar farko ita ce: awoyin da zan yi a nan, hukuma za ta ƙirga su kuwa?

Ƙa'idar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, bambancin kuma ba ƙarami ba ne. A Amurka, hukumar PTCB, mai ba teknishan na famasi takardar shaidar ƙwarewa, tana barin mutum ya zauna jarrabawarta idan ya gama kwas ɗin da ta amince da shi, ko kuma idan ya yi aiki na awa 500, sannan kowace jiha tana da nata sharuɗɗan na rajista. A Birtaniya kuwa, inda rajistar teknishan ta zama dole tun 2011, hukumar GPhC, mai yi wa ma'aikatan magani rajista, tana neman shekara biyu na aiki a ƙarƙashin famasist ko teknishan mai rajista, kuma a can karatu da aikin tare suke tafiya. Saboda haka kafin ka amsa tayin kowa, nemo takardar sharuɗɗan hukumarka ta wannan shekarar, ka karanta da idonka. Abin da wanda ya riga ka da shekara uku ya gaya maka yana iya zama an canza shi.

Bari mu ɗauki ƙa'idar Birtaniya mu yi lissafi da ita, don tana nuna yadda mutum ke yin asara ba tare da ya sani ba. Sharaɗin shi ne aƙalla awa 14 a mako, jimillar awa 1,260 a cikin shekaru biyun, kuma kowace shekara kada ta gaza awa 315. Hutu da kwanakin rashin lafiya ba sa cikin ƙirge. A ce wata ɗaliba ta samu tayi uku. Wuri na farko yana biya da kyau amma awa 12 kawai zai ba ta a mako. Idan ta yi mako 45 a shekara, bayan an cire hutu, za ta tashi da awa 1,080 a shekara biyu. Saura 180 ke nan, kuma tun farko ma ba ta kai awa 14 na mako ba. Wannan tayin bai da amfani gare ta ko nawa za a biya. Wuri na biyu awa 16 ne a mako, wanda zai ba ta 1,440. Tana da rarar awa 180, wato ko da ciwo ya kwantar da ita kusan mako 11, jimillarta ba za ta gaza ba. Wuri na uku cikakken aiki ne, awa 37 da rabi a mako, inda za ta cika 1,260 cikin mako 34. Nan ne wasu ke ruɗewa, su ce ai an gama. Shekara biyun tana nan daram, kuma dole a samu awa 315 a shekara ta biyu. Ba a tara awoyi a gaba don a gajarta lokacin.

Idan lissafin awoyi ya fita, sai a duba irin wurin.

Babban asibiti shi ne ya fi faɗin aiki. A can ne za ka zagaya sashe-sashe: tagar marasa lafiya masu zuwa su koma, maganin waɗanda aka kwantar, babban sito, wani lokaci har ɗakin da ake haɗa allurai da ruwan ƙari cikin tsabta ta musamman, abin da ba kasafai ake gani a shago ba. Galibi akwai wanda aikinsa ke nan kula da masu koyo, kuma an saba cika takardun hukuma, don haka ba a cika samun kuskure a kansu ba. Matsalarsa guda biyu ce. Gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa, kana iya shafe watanni kana jira. Sannan idan hannu ya yi ƙaranci a wani sashe, mai koyo ake turawa ya toshe gurbin. Sai ka ga mutum ya yi wata huɗu a sito yana ƙirga kwali, alhali a takarda an rubuta yana zagayawa. Kafin ka karɓa, ka nemi a nuna maka jadawalin zagayen a rubuce, sannan ka tambayi wanda ya gama bara ko an bi shi.

Shagon magani mai rajista, wanda famasist ke riƙe da shi, yana koyar da abin da asibiti ba ya koyarwa da sauri: magana da mutane. A nan ne za ka koyi yi wa tsoho bayanin yadda zai sha magani biyar ba tare da ya rikice ba, ka koyi gane takardar likita da ba ta cika ba, ka kuma san lokacin da tambayar mai saye ta fi ƙarfinka, dole ka kira famasist. Samun gurbi ya fi sauƙi. Amma komai na shago ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya. Idan famasist ɗin mai son koyarwa ne, za ka fita da hannu mai kyau. Idan kuwa lasisinsa ne kawai ke rataye a bango shi yana wani wuri, to kana cikin haɗari biyu. Babu mai gyara maka kuskure, kuma ranar da hukuma ta bincika ta gano ba ya nan, awoyinka na iya tashi a banza. Wannan abu yana ɓata mini rai ƙwarai, domin mai koyo ne ke ɗaukar asarar, shi da bai san komai ba.

Ƙaramin asibiti, ko siton kamfanin rarraba magani, shi ne na ƙarshe a jerina. Sau da yawa babu famasist ko teknishan mai rajista a wurin, likita ko nas ke duba ɗakin magani. Komai ƙwarewar likitan, idan ƙa'idar ta ce famasist ko teknishan, sa hannunsa ba zai wuce ba. A siton kamfani kuma za ka iya ajiya sosai, amma ba za ka taɓa miƙa wa mara lafiya magani ba.

Yadda ake gane wuri mai kyau ba shi da wuya, sai dai zuwa da kai ya fi saƙo. Fara da mai kula da kai: karɓi cikakken sunansa da lambar rajistarsa, ka duba a kundin hukuma ko lasisinsa yana aiki a wannan shekarar. Wasu hukumomin sun sa kundin a intanet, minti biyu ya isa. Ka tambaye shi kwana nawa yake zuwa a mako, da kuma wa zai karɓe ka idan ya bar aikin a tsakiya. Wannan tambayar ta biyu mutane ba sa yin ta, alhali sauyin mai kulawa na daga cikin abubuwan da ke barin giɓi a takardun mutum.

Daga nan ka roƙi a bar ka ka leƙa ciki. Dubi firjin magani. Insulin da alluran rigakafi da yawa ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma wuri mai tsari yana da takardar da ake rubuta zafin firjin kullum. Idan takardar babu komai a kanta na kwana goma, ko ka ga an cika mako guda da biro ɗaya da lamba ɗaya, ka san irin tarbiyyar aikin da za ka ɗauka. Dubi kantar magunguna, ko maganin da ya fi kusa da ƙarewar wa'adi shi ne a gaba. Tambayi yadda suke rubuta magungunan da doka ta tsaurara, waɗanda ake kullewa, da kuma yadda ake daidaita abin da ke littafi da abin da ke cikin akwati.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne littafin kurakuran da aka kama kafin magani ya isa hannun mara lafiya. Akwai magunguna masu kama da juna a suna, kamar amlodipine na hawan jini da amitriptyline wanda ake ba masu ciwon damuwa da ciwon jijiya. Duka biyun ana samun su a ƙwaya mai miligiram 10, kuma idan an jera kanta bisa haruffa kusa da juna suke zama. Sabon hannu zai ɗauko wannan a maimakon wancan wata rana, ba makawa. A wuri mai kyau, wani ne zai sake dubawa kafin a miƙa, a kama kuskuren, a rubuta shi, a zauna da kai a gano dalili, wataƙila ma a raba kwalayen biyu a kanta. Wurin da suka ce maka su ba sa kuskure, shi ya sa ba su da irin wannan littafi, ka gode musu ka tafi.

 

Idan ni zan zaɓa, babban asibiti mai rubutaccen jadawali ne na farko. Amma ba zan zauna wata shida ina jiran gurbi ba alhali ga shago mai famasist da ke zuwa kullum. Jira ma yana da tsada, domin wasu hukumomin sun sa wa'adi. A Birtaniya, misali, ana so mutum ya nemi rajista cikin shekara biyar daga ranar da ya fara kwas, ko cikin shekara biyu da gama shi, duk wanda ya riga zuwa.

Duk inda ka sauka, littafin awoyinka ya zauna a hannunka. Rubuta kwanan wata, lokacin shiga da na fita, da aikin da ka yi, mai kula da kai ya sa hannu kowane mako, ba a bari sai ƙarshen shekara ba. Ɗauki hoton kowane shafi ka ajiye. Sunanka ya zama iri ɗaya a satifiket, katin shaida da fom ɗin rajista, don harafi ɗaya na iya sa a dawo maka da takardu. Idan kuma za ka canza wuri, ko mai kula da kai zai tafi, karɓi takardar shaidar awoyin da ka yi a ƙarƙashinsa, da sa hannunsa da lambar rajistarsa, tun yana wurin.